Maigadin Da Ya Ji Ƙaurin Hayaƙi: Yadda 'Yan Mintoci Ke Ceton Sito A Jos

A cikin watan Fabrairu na shekarar ​​2002 ne gobara ta tashi da dare a Babbar Kasuwar Jos, wadda mutanen gari suka fi sani da Kasuwar Taminus. Kasuwa ce da aka soma shirinta tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka buɗe ta a 1985, tana da rumfuna fiye da 4,000 a ƙarƙashin rufi guda, har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Kafin wutar ta mutu, dukiyar da 'yan kasuwa suka yi shekaru suna tarawa ta zama toka. Kangon ginin ya yi shekara 17 a tsaye a tsakiyar gari, sai a 2019 aka rushe shi.

Ba Jos kaɗai ta ga irin wannan masifa ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone da dare a watan Maris na 2016. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a watan Janairu na 2021, ta Katsina kuma ta biyo baya a watan Maris na 2021. A ƙetaren iyaka, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Irin waɗannan su ne ake bugawa a jarida, a kafa musu kwamitin bincike, manya su je jaje.

Amma akwai wata gobarar da ba a jin labarinta, watau wadda aka kashe tun tana hayaƙi. Sau da yawa wanda ya hana ta girma shi ne mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a wurin, mai barci a kan benci, mai tocila da usur da sanda. Domin a ga yadda abin yake gudana daki-daki, ga misalin wani maigadi da wani sito, an gina shi bisa yanayin garin Jos da kuma halin wuta kamar yadda ma'aikatan kwana-kwana suka san shi.

Daren hunturu a kan dutse

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Saboda haka a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusan digiri 10 a ma'aunin zafi, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ga iskar hunturu busasshiya tana tsotse laima daga katako da kwali da buhu, har su zama kamar ƙirare. Wannan ne lokacin da gobara ta fi yawa a Arewa baki ɗaya.

Sanyin Jos yana ƙara wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba. Kusan kowane maigadi yakan hura wuta a kasko ko a rabin durom don jin ɗumi, masu shayi da masu tsire su ma nasu hayaƙin yana tashi, ga masu ƙona shara da magariba. Warin hayaƙi ya zama abin yau da kullum, hanci ya saba da shi. Wanda ya zauna gaban wutarsa awa biyu, ya rufe kai da kunne da hular sanyi, ya lulluɓa da bargo, shi ne mutum na ƙarshe da zai ji ƙauri idan ya taso daga cikin gini.

A ɗauka ga sito a wata unguwa ta bayan Titin Bauchi, tsawonsa mita 30, faɗinsa 15, bangon bulo, jinkar ƙarfe da rufin kwano. A ciki akwai buhunan shinkafa da masara, da katan-katan na sabulu da taliya an jera su har kusa da rufi, da jarkokin man girki, sa'an nan katifun soso guda 40 da wani ya kawo ajiya. Daga hannun dama da shiga an yanke ɗan ofis da filawud, inda magatakardan sito yake zama, akwai firji da fanka da soket guda da aka lafta wa kaya huɗu. Ana rufewa da ƙarfe 6 na yamma, magatakarda ya tafi gida da mabuɗi. Mai tsaron wurin dattijo ne, 'yan unguwa Baba Maigadi suke ce masa.

Tun da la'asar babu lantarki. Da ƙarfe 1 da minti 40 na dare aka maido da shi, ya zo da ƙarfi. A bayan firjin nan akwai wata mahaɗar waya da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Irin wannan mahaɗa ba ta kama juna sosai, saboda haka wuta tana wucewa ta ƙunci, wurin yana ɗaukar zafi. Fis ba ya yankewa, domin ƙarfin wutar da ke bi bai wuce kima ba, zafin ne kawai yake taruwa wuri guda. Robar waya ta soma narkewa, tana ɗiga a kan wani kwali da aka tura bayan firjin. Kwalin bai kama da harshe ba, sai ya soma ci a hankali kamar bakin taba.

Abin da hanci ya faɗa

Al'adar Baba Maigadi ce ya zagaya ginin kowace awa, kuma yana ƙara zagaye guda duk lokacin da aka maido da lantarki. Da ƙarfe 2 daidai ya tashi daga gaban kaskonsa, wanda ya ajiye can bakin ƙofar shiga harabar, nesa da bango. Bai fara zagayen nan take ba, sai da ya tsaya a fili ya ture hula daga kunnensa, ya shaƙi iska mai sanyi har hancinsa ya washe. Da ya kai kusurwar dama, inda iska ke fitowa ta ramukan bulo na sama, sai ya ji wani wari dabam.

Hayaƙi iri-iri ne, kuma kowane yana da labarin da yake bayarwa. Hayaƙin itace da gawayi ba ya da kaifi, shi ne wanda kowa ya sani. Na kwali da buhun algarara yana da ƙauri irin na tsumma. Na robar waya kuwa yana da kaifi, yana shaƙe maƙogwaro, yana sa ido yaji, wani lokaci har da ƙarni kamar na kifi idan soket ne ke toyuwa. Soso da taya su kan ba da baƙin hayaƙi mai kauri. Abin da ya bugi hancin dattijon nan shi ne ƙaurin roba gauraye da na kwali, kuma babu abin da zai kawo wannan wari a wurin da ƙarfe 2 na dare.

Ya ɗaga tocila ya haska ramukan bulon daga gefe. Wannan dabara ce ta tsofaffin masu gadi: siririn hayaƙi ba ya ganuwa cikin duhu da hazo idan aka haska shi kai tsaye, amma idan haske ya ratsa shi daga gefe sai a gan shi yana murɗawa. Ya gan shi kuwa, fari-fari, yana fita a hankali ba tare da ƙarfi ba. Ya koma ga babbar ƙofar ƙarfe, ya ɗora bayan hannunsa a ƙasanta, sa'an nan a tsakiya, sa'an nan iyakar inda hannunsa ya kai. Da bayan hannu ake yi, domin ya fi jin zafi, kuma idan ƙarfen ya yi ja ko lantarki na bin sa, tafin hannu kamawa yake yi, bayan hannu kuwa janyewa. Ƙofar da sanyinta. Ya kara kunne, bai ji ƙarar ƙas-ƙas ta cin wuta ba.

A cikin abin da bai wuce minti biyu ba ya san abu uku: akwai wuta a ciki, tana wajen ofis, kuma ba ta riga ta buɗe ba.

Ihu tukuna

Nan ne mararrabar da ake rabuwa. Zuciyar mutum takan ce masa ya ƙara tabbatarwa, kada ya ta da unguwa a banza a yi masa dariya, ko kuwa ya lallaɓa ya kashe abin shi kaɗai kada maigida ya ji. Baba Maigadi bai bi wannan shawara ba. Ya busa usur sau uku da ƙarfi, ya ɗauki guduma ya shiga dukan tsohon wilin mota da ke rataye a jikin bishiya, yana kiran gobara, gobara, jama'a a kawo gudummawa. Maigadin gidan katako na kusa ya amsa da nasa usur, wasu direbobi biyu da ke kwana cikin tirela a harabar suka diro.

Abu na biyu, ya nufi akwatin lantarki da ke jikin bangon waje ya sauke babban makunni. Wannan ya raba wayar da abin da ke zafafa ta, kuma ya kawar da hatsarin da zai sami duk wanda ya watsa ruwa daga baya, gama ruwa yana ɗaukar lantarki ya kai shi jikin mai riƙe da bokiti. Sai dai yanke lantarki ba ya kashe abin da ya riga ya kama. Kwalin yana nan yana ci.

Abu na uku, ya ciro waya. Ya fara da 'yan kwana-kwana, ba da maigida ba. A Nijeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ba a biyan kuɗi a kanta, amma shi yana da lambar ofishin kashe gobara a rubuce da gawayi a bangon ɗakinsa, ita ma yana da ita a waya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya faɗi unguwa, ya faɗi layi, ya faɗi alamar da direba zai gane cikin dare, watau gidan mai na bakin titi da masallacin da ke kwana. Ya ce hayaƙi ne tukuna ba harshe ba, babu mutum a ciki, ƙofa a kulle take, kuma akwai katifu da man girki. Daga nan ya kira magatakarda ya zo da mabuɗi, sa'an nan ya kira mai dukiya, ya ce ranka ya daɗe Alhaji, akwai hayaƙi a sito, an kira 'yan kwana-kwana, an yanke wuta. Agogo ya nuna ƙarfe 2 da minti 7.

Faɗin abin da ke cikin sito ba ƙaramin al'amari ba ne. A birnin Beirut na ƙasar Lebanon, ran 4 ga Agusta 2020, an kira 'yan kwana-kwana zuwa wani sito a tashar jiragen ruwa ba tare da an gaya musu cewa akwai tan 2,750 na sinadarin da ake yin taki da nakiya da shi a ciki ba. Ya fashe, ya kashe mutum fiye da 200, har da su ma'aikatan. A Filato, inda ake tara takin zamani da maganin feshi saboda noman dankalin Turawa da kayan lambu, wajibi ne maigadi ya san abin da yake gadi. Wasu irin takin idan suka yi zafi su kan fitar da hayaƙi mai guba ko da babu harshen wuta.

Don me ba a fasa ƙofa ba

Kafin minti biyar mutane kusan 20 sun taru, kuma kamar yadda aka saba, wani saurayi ya zo da ƙarfe zai ɓalle kwaɗo. Dattijon ya tsaya a gaban ƙofa ya hana. Wannan shi ne abu mafi wuya da ya yi a daren, domin mutane suna ganin kamar ɓata lokaci yake yi.

Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne. Wuta tana bukatar abu uku: abin ci, da zafi, da iska. A cikin rufaffen sito abin ci ya wadata, zafi yana taruwa, iska ce kaɗai ke shiga da ƙyar. Ƙofar sito mai faɗin mita 4 idan aka wangale ta cikin iskar hunturu, daidai take da zugazugin maƙeri. Abin da ya yi rabin awa yana ci a ɓoye sai ya tashi da harshe nan take. In kuwa wutar ta riga ta daɗe, har ƙofa ta yi zafi, hayaƙi ya yi duhu yana fita yana komawa ta ƙarƙashin ƙofa kamar numfashi, to buɗewa na iya jawo wuta ta yi tsalle waje ta haɗiye wanda ke tsaye a bakin ƙofar.

Da zarar harshe ya tashi cikin kaya irin waɗannan, girmansa ba tafiyar ƙafa yake yi ba. Masanan gobara sun auna cewa a farkon tashinta, idan lokaci ya ninka biyu, ƙarfin wutar ninkawa yake yi huɗu. Wutar da ta yi minti biyu ta ninka ta minti ɗaya sau huɗu, ta minti huɗu kuwa ta ninka ta sau 16. Kwali da aka jera sama yana da ramuka a tsakani waɗanda ke jan wuta kamar bututu, soso kuma yana narkewa ya malala yana ci. Hayaƙi mai zafi yana taruwa ƙarƙashin kwano, yana gasa duk abin da ke ƙasa. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 600, sai kayan da wuta ba ta taɓa ba su kama gaba ɗaya. A daidai wannan zafi ne kuma ƙarfen jinka yake rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe, rufi ya rufto. Daga nan ba a maganar ceton kaya, sai dai ceton maƙwabta.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, ba a buɗe wa wuta ƙofa sai abin kashe ta yana hannu. Maimakon fasa kwaɗo, Baba Maigadi ya raba wa jama'a aiki. Direbobi suka fitar da tirelolinsu, aka wangale ƙofar haraba don motar ruwa ta sami hanya. Aka tura wani mai babur ya tsaya bakin titi da fitila don ya jawo 'yan kwana-kwana, gama layukan bayan gari ba su da suna a rubuce. Sauran suka jera bokitai daga rijiyar maƙwabta, aka ɗebo yashi daga wani gini, aka kawo tukunyar kashe wuta guda biyu daga gidan mai.

Ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar

Magatakarda ya iso da mabuɗi da ƙarfe 2 da minti 20, motar kwana-kwana ta biyo bayansa da minti biyar. Sai da suka shimfiɗa mesa, ruwa ya cika ta, sa'an nan aka buɗe ƙaramar ƙofar gefe, ba babbar ba. Suka shiga a duƙe, domin hayaƙi sama yake bi, iska mai kyau tana ƙasa. Iskar da ta shiga ta sa bangon filawud ya kama da harshe, amma ruwa na nan a shirye, cikin minti uku aka danne shi.

Ba su tafi nan take ba. Sun fitar da katan-katan da ke kusa waje, suka farfasa su, suka jiƙa, domin kwali da buhu da auduga su kan riƙe garwashi a ciki, a ga kamar sun mutu, bayan awa biyu su sake tashi. Aka bar lantarki a yanke har sai mai gyara ya zo da safe, aka kuma bar mutum biyu suna tsaron wurin har gari ya waye. Asarar da aka yi ita ce firji, da tebur, da bangon ofis, da katan ɗin sabulu goma sha ɗaya, da wasu buhuna da ruwa ya taɓa. Tsakanin inda wutar ta tsaya da tarin katifu bai fi taku shida ba.

A lura da lissafin ruwa. Motar kwana-kwana mai ɗauke da lita 4,000, idan mesa guda tana zubar da lita 500 a minti, a cikin minti takwas tankinta ya ƙare. Idan babu famfon gobara mai ruwa a kusa, sai ta koma ɗebowa, wutar kuwa ba ta jira. Lita 4,000 sun ishi ofishin filawud har da saura. Ba su isa sito mai katifu 40 da jarkokin mai ba ko da an ninka su goma. Wannan shi ne dalilin da ya sa mota guda da ta zo da wuri ta fi biyar da suka zo a makare, kuma zuwa da wuri ba a hannun direba kaɗai yake ba, yana farawa ne daga lokacin da aka buga waya.

Inda aka yi jinkiri

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka saɓa wannan tsari. A birnin Chicago na Amirka, a daren 16 ga Janairu 1967, masu shara suka ga wuta ƙarama a babban zauren baje koli na McCormick Place, wajen ƙarfe 2 na dare. Suka tsaya kashe ta da tsintsiya da darduma kafin a kira 'yan kwana-kwana. Da waɗannan suka iso kuma suka tarar famfunan gobara na kusa ba su ba da ruwa. Rufin ƙarfen ya rufto, ginin da ake cewa wuta ba ta cinsa ya hallaka, wani maigadi ya rasa ransa a ciki.

A birnin Paris, ran 15 ga Afrilu 2019, na'urar majami'ar Notre-Dame ta yi aikinta, ta buga ƙararrawa wajen ƙarfe 6 da minti 20 na yamma. Amma ma'aikacin da ke gaban na'urar sabo ne, kwanansa uku a aikin, saƙon da ta nuna kuma mai wuyar fahimta ne. Aka tura mai dubawa wani gini na gefe, bai ga komai ba. Kafin a gane kuskure a hau ainihin rufin, an yi hasarar kusan rabin awa, wuta ta riga ta fi ƙarfin kowa. Wannan ya nuna cewa na'ura ba ta wadatar idan mutumin da ke tsaron wurin bai san lungunan gininsa ba.

A ƙasar nan kuwa, abin da ya fi jawo jinkiri shi ne tsoro. Maigadi ya san cewa idan aka yi gobara ko sata, shi ne na farko da za a kama, a tsare, a ce kaskonsa ne ko tabarsa ce. Wanda yake cikin wannan hali, idan ya ga hayaƙi, zai yi ƙoƙarin ɓoyewa, ko ma ya tsere. Mai dukiyar da ya taɓa zagin maigadinsa don ya tashe shi a kan hayaƙin da ya zama na shara ne, ya koya masa yin shiru ran da abin zai zama gaskiya.

Iyakar abin da maigadi zai iya

Kada a ɗauka kowace gobara tana ba da irin wannan dama. Wutar da ta soma daga fetur ko gas, ko wadda aka cinna da gangan, ba ta yin hayaƙin gargaɗi, da harshe take farawa. Wadda ta soma a tsakiyar babban gini mai rufi mai tsawo takan daɗe kafin warinta ya fito waje. Haka kuma idan wuta mai saurin tashi ta soma minti biyar bayan maigadi ya wuce, to kafin zagaye na gaba aikin gama ya gama. Shi ya sa zagayen da ya fi muhimmanci shi ne na farko bayan an rufe, sai wanda ake yi bayan an maido da lantarki ko an canza zuwa janareta, sai na ranar da mai walda ya yi aiki a wurin, domin tartsatsinsa yakan faɗa cikin buhu ya kwana yana ci.

Tukunyar kashe wuta ita ma tana da iyaka. Mai nauyin kilo 9 ta hoda ba ta wuce kamar daƙiƙa 20 tana feshi. Ana zare ƙusarta, a nufi gindin wutar ba harshen ba, a matsa, a riƙa kaɗawa hagu da dama, ƙofa kuma tana bayan mutum. Tana maganin wutar da ba ta wuce girman kwandon shara ba. Idan harshe ya kai tsayin mutum, ko hayaƙi ya sauko daidai kai, to fita ya wajaba. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke kashe su, domin a cikinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa jiri, ƙafa ta mutu, mutum ya faɗi tun wuta ba ta iso shi ba. Kuma ba a zuba ruwa a kan man girki ko fetur da ya kama, sai yashi ko hoda, gama ruwa fantsama shi yake yi.

Abin da ya rage ga masu dukiya

Idan aka duba daren nan da kyau, za a ga cewa duk abin da ya taimaki dattijon nan ba ya da tsada: tocila mai batir, da usur, da waya mai caji da kuɗi a ciki, da lamba a bango, da makunnin lantarki a waje inda hannunsa zai kai. Da makunnin yana cikin ofis a bayan kwaɗo, kamar yadda yake a sito da yawa, da wayar ta ci gaba da toyuwa har zuwan magatakarda. Da an sauke makunnin tun ƙarfe 6 da aka tashi, aka bar fitilun waje a kan nasu layi dabam, da ba a yi gobarar ba sam.

Batun mabuɗi kuma yana bukatar shawara. Mai kaya yana tsoron sata, shi ya sa ba ya barin mabuɗi a hannun maigadi, amma bai kamata wanda ke riƙe da shi ya kwana a ɗaya gefen gari ba. Ana iya ba wani amintacce na kusa, ko a sa shi cikin akwati mai hatimi wanda ba a fasawa sai da dalili. A bar rata tsakanin kaya da bango, da tsakanin kaya da ƙwan fitila, a ware katifu da mai nesa da duk inda waya ta bi. Ƙaramar na'urar jin hayaƙi mai batir, idan aka maƙala ta a ofis da saman kaya inda za a ji kukanta daga waje, takan yi gadi a tsakanin zagaye da zagaye, sai dai ƙurar hunturu da ta hatsi tana toshe ta, dole a riƙa share ta ana gwadawa.

Sa'an nan a ba maigadi rigar sanyi da bargo na kirki, domin wanda sanyin Jos ya kama dole ya hura wuta, kuma zai matsa da ita jikin bango inda iska ba ta bugu. A tabbatar wanda ke gadin dare ba shi ne ya yini yana dako ba. A zagaya da shi cikin siton da rana ya ga inda komai yake. Abu na ƙarshe, a gaya masa a gaban shaidu cewa idan ya ji ƙauri ya yi ihu ya kira 'yan kwana-kwana kafin ya kira kowa, kuma ko da abin ya zama ba komai ba, babu wanda zai ce masa don me.